Rahoton Kwamitin Gini Kan Rufin Zauren Islamiyya, da Amsa ga Masu Tambayar Kuɗin Ƙarfe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa maza da mata da suka sa hannu a ginin zauren makarantar Islamiyyar unguwarmu, wannan rahoto ne daga kwamitin gini. An gama rufin zauren, an buga kwano na ƙarshe, yara sun fara zama a ciki. Amma tun kafin a sauke tsani magana take zagayawa a majalisu da bakin masallaci cewa an sayi ƙarfen rufi sau biyu, an biya mai walda sau biyu, kuma an bar abu mai araha an koma mai tsada don wani ya samu na cefane. A taron iyaye da ya wuce wani dattijo ya miƙe ya yi tambayar a fili, kuma mun gode masa, don gara a tambaye mu a gabanmu da a yi ta yi da mu a bayan ido. Gaskiya ne an sayi ƙarfe sau biyu. Ga yadda aka yi.

Zauren tsawonsa mita 24 ne, faɗinsa mita 12, ba ginshiƙi a tsakiya. Tun farko aka yanke shawarar yin rufin da ƙarfe maimakon katako saboda gara, wadda ta riga ta cinye mana rufin ajujuwa biyu na tsohon gini, kuma ba wanda ya ja a kan wannan. An ƙera manyan ƙarafan da ke ɗauke da rufin, waɗanda masu aiki ke kira tiros, guda bakwai, da ƙarfen angil, aka kafa su mita huɗu-huɗu tsakani. Waɗannan suna nan, ba a canza ko ɗaya ba. Tushe da bulo da lintel ma ba a samu saɓani a kansu ba, lissafinsu yana manne a allon sanarwa tun bara.

Inda aka samu matsala shi ne ƙarafan gicciye, wato falin, waɗanda ake shimfiɗawa a kan tiros daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan, a ɗaure kwano a jikinsu. Rufinmu yana buƙatar layi bakwai a kowane gefe, goma sha huɗu ke nan, kowane layi kimanin mita 25 idan an haɗa da abin da ya leƙo waje. A lokacin kuɗi sun yi ƙasa, damina tana matsowa, sai mai waldan da ya ƙera mana tiros ya ce a sayo fayif mai kusurwa huɗu, inci biyu da biyu, ya manna su da walda kai tsaye, cikin kwana huɗu an gama. Haka ake yi a rumfuna da shaguna ko'ina cikin Kano, mu ma abin da muka saba gani ke nan. Muka amince ba tare da mun nemi shawarar kowa ba. Wannan kuskuren kwamiti ne, ba ma ɗora shi a kan wani.

An sayo fayif 60 a kan naira dubu goma sha ɗaya-ɗaya, a takardar kuma an rubuta kaurinsa milimita 2. Aka ɗora, aka yi walda, aka shafa jan fenti daga ƙasa inda hannu ya kai. Sai kuɗin kwano suka gagara. Ƙarfen ya zauna a buɗe mako shida, ruwan farko ya same shi a haka.

Allah ya sa akwai wani ɗan unguwar nan, tsohon ɗalibin makarantar, injiniyan gine-gine da ke aiki a Kaduna. Ya zo gida ganin mahaifiyarsa, shugaban kwamiti ya roƙe shi ya leƙa aikin kafin a sayo kwano. Ya zo da safe da 'yar guduma da abin awon kauri a aljihu, ya hau tsani, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya sauko sai ya ce wa shugaba, "Baba, ina neman alfarma ku hau da kanku ku gani, don idan na faɗa da baki za a ce ƙarin gishiri ne." Mu uku muka hau.

Abu na farko da ya nuna mana shi ne mahaɗa. Fayif yana zuwa ne mita shida-shida, tiros kuwa mita huɗu ne tsakaninsu. Ke nan idan ka fara shimfiɗawa daga tiros na farko, fayif ɗin zai wuce na biyu ya ƙare a tsakiyar fili, ba komai a ƙarƙashinsa. A nan mai walda ya riƙa haɗa baki da baki ya manne, don kada a yi asarar guntaye. Tsakiyar nan kuwa ita ce wurin da ƙarfe ya fi shan nauyi. Injiniya ya ɗan ƙwanƙwasa wata mahaɗa da guduma, ɓawon walda ya zube, sai ga abin da ke ƙasa: ɗigo-ɗigo kamar kashin kaji, da ramuka inda wuta ta huda fayif ɗin ta wuce. A mahaɗa biyu mun ga tsaga da idonmu, har farce yana shiga.

Ya bayyana mana dalili, kuma mun ga ya kamata ku ma ku ji, don kada a ɗauka mai waldan mugunta ya yi. Ƙarfe mai siranta ba ya jure wutar walda. In ka ƙara wuta ya huje, in ka rage sandar ta riƙa liƙewa, narkakken ƙarfen ya zauna a sama bai shiga jiki ba. A ƙasa, a kan benci, gwani zai iya lallaɓawa. Amma a sama, mutum yana tsugune kan ƙarfe, iska tana kaɗawa, janareta yana hawa yana sauka, sandar walda kuma ta kwana a wuri mai laima, ko gwanin ne sai an samu irin wannan. Shi ya sa waldan tiros, wadda aka yi a ƙasa a kan angil mai kauri milimita 5, ta fito lafiya, ta sama kuma ta lalace, alhali hannu ɗaya ne ya yi su.

Sai maganar kauri. Abin awo ya nuna milimita 1.2, ba 2 ba. Da wani ɗan kwamiti ya nuna shakka a kan abin awon, Injiniya ya ce a ɗauko ragowar fayif guda da ba a yanka ba a kai sikelin mai sayar da hatsi na bakin titi. Ya ce fayif inci biyu da biyu mai kauri milimita 2, tsawon mita shida, ya kamata ya yi kilo 17 zuwa 18. Namu kilo 11 ya yi. Daga ranar muka koyi cewa ƙarfe ba a sayensa da ido, sikeli ake nema. Ya ƙara da cewa ko da an ba mu na gaskiyar, inci biyu ya yi kaɗan ga tazarar mita huɗu. Ya sa wani yaron aiki ya zauna a tsakiyar layi ɗaya, muna kallo ƙarfen ya sunkuya wajen yatsa biyu.

Wani daga cikinmu ya ce ai kwanon alminiyam ba shi da nauyi, me zai danne shi? Amsar da aka ba shi ita ce ta sa muka yi shiru. Rufi a ƙasarmu ba dannewa ce ke kashe shi ba, ɗagawa ce. Guguwar farkon damina idan ta taso tana tsotsar kwano sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ta tura daga ciki. Kwano ya ja ƙarfen gicciye, ƙarfen gicciye ya ja abin da ya riƙe shi da tiros. Idan abin da ya riƙe shi ɗigon walda biyu ne a jikin ƙarfe mai siranta, waldar ba sai ta karye ba, fayif ɗin ne zai yage a gefenta kamar takarda. Duk wanda ya taɓa ganin rufin makaranta kwance a gonar maƙwabta bayan hadarin watan Yuni ya san abin da ake nufi. A ƙarƙashin wannan rufin yara sama da ɗari biyu za su zauna.

Na ƙarshe shi ne tsatsa. An bar bakunan fayif a buɗe, ga kuma hudojin da walda ta yi. Da aka yanko guda aka karkata shi, jan ruwa ne ya zubo. Fayif yana ruɓewa daga ciki inda ba buroshin da zai kai, daga waje kana ganin fenti lafiya lau. A saman ƙarfen kuma, gefen da kwano zai kwanta, ko ɗigon fenti babu, ya yi ja wur da tsatsa. Da an buga kwano a haka, wannan gefen ba zai sake ganin fenti ba har abada.

Kwamiti ya zauna sau uku a kan wannan magana, kuma ba a rabu da daɗi ba a zama na farko. Wasu sun ce a gyara waldar a ƙara layuka a tsakani, a rufe. An yi lissafi, aka ga sai an ƙara fayif kusan yawan na farko, tsatsar ciki kuma tana nan, mahaɗan tsakiyar fili suna nan. Liman ne ya raba gardama, ya ce, "Kuɗin nan amana ne, amma ran yaran ya fi su zama amana. Ku cire." Aka cire. Ba a cire duka lokaci ɗaya ba, don tiros idan aka raba shi da abin da ke riƙe shi gefe da gefe zai iya kifewa, ya ja 'yan'uwansa. An bar layi biyu na ƙololuwa da ɗaya a kowane gefe suna riƙe da su har ƙarshen damina.

Asarar ita ce: fayif naira 660,000, ladan walda da sanduna da man janareta da fenti naira 290,000, yankewa da saukewa naira 60,000. Jimla miliyan ɗaya da dubu goma. Mai shagon da ya sayar mana, bayan dattawa sun je sun same shi da takardarsa da sakamakon sikeli, ya mayar da naira 120,000, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ba mu ja da nisa ba, kuma ba za mu ambaci sunansa ba. Guntayen da tsatsa ba ta ci ba an yi ƙafafun bencina ashirin da su, sauran an sayar naira 240,000. Abin da ya tafi bai dawo ba naira 650,000 ne. Wannan adadin muna ɗauke da shi a wuyanmu, ba mu ɓoye shi a cikin wani lissafi ba.

Yanzu ga sayayyar da aka fi surutu a kanta. Injiniya ya rubuta mana a sayo ƙarfen gicciye mai siffar harafin Z, wanda aka lulluɓe da zinki tun daga masana'anta, irin mai ƙyallin nan kamar bokitin ƙarfe. Zurfinsa milimita 125, kaurinsa 2. Mutane sun ga farashin sun ce kauri ɗaya da wanda aka ce za a ba mu tun farko, me ya sa kuɗinsa ya ninka haka? Ƙarfin irin wannan ƙarfe a zurfinsa yake. Ka ɗauki katako ka shimfiɗa shi a kwance ka taka, zai lanƙwashe. Ka tsayar da shi a kan gefensa ka taka, ko gezau. Bisa lissafin Injiniya, wannan Z ɗin ya fi fayif ɗin da muka cire ƙin lanƙwasa fiye da sau goma. Kuma buɗaɗɗe ne, ba shi da cikin da ruwa zai ɓuya, duk jikinsa ido yana gani.

Wani amfaninsa shi ne ana yanka maka shi daidai tsawon da ka nema. Mun nemi guda 42, uku a kowane layi, kowanne ya haye tazara biyu, wato mita takwas da 'yan kai. Ta haka kowace mahaɗa ta faɗo a kan tiros, ba wadda ta rataya a fili. A wurin haɗuwar kuma ba baki da baki ake yi ba, ɗaya yana shiga cikin ɗaya su haɗe tsawon santimita 60, kamar yadda ake jera cokula. Nauyinsu duka ya kusa tan ɗaya da rabi. Tsawon nan ne ya sa ƙaramar mota ba ta iya ɗauka ba, sai da aka yi hayar doguwa, ita ma ta kasa shiga lungunmu, matasan unguwa suka ɗauko su a kafaɗa daga bakin kwalta, mutum uku-uku. Naira 90,000 da aka gani an rubuta "dako", wadda wani ya ce ta yi yawa, wannan ce.

Ƙarafan Z ɗin nan da noti aka ɗaure su a kan tiros. To me ya sa noti, ba walda ba? An ce mana noti aikin kanikawa ne, yana kwancewa, walda kuwa mutu-ka-raba. Mu ma da haka muke tunani. Amma ƙarfe mai zinki idan ka sa masa wutar walda, zinkin da ka biya kuɗinsa shi ne farkon abin da zai ƙone, ya tashi farin hayaƙi da ke sa mai aiki zazzaɓi da ciwon kai, ya bar wurin tsirara. Ke nan ka saya da tsada ka lalata shi daidai inda ya fi buƙatar kariya. Sannan walda ba kowa ke iya gane mai kyau da marar kyau ba, mu shaida ne, tunda mun biya kuɗin marar kyau muna godiya. Noti kuwa ko ni da nake rubuta wannan rahoto, malamin makaranta ne, zan iya hawa da sifana in san ya ɗauru ko bai ɗauru ba. In wani ƙarfe ya lalace nan gaba, a kwance shi a sa wani ba tare da an kawo janareta an yi ta watsa tartsatsi a kan silin ba.

Ba wai an bar walda gaba ɗaya ba ne, kowanne an ajiye shi inda ya dace. A kan kowane tiros, inda layi zai bi, an manna guntun angil mai kauri, wanda muka riƙa kira kunne, guda 98. An huda su tun a ƙasa da injin huji, ba da wutar walda ba, don hujin wuta ba ya fita daidai kuma yana cinye gefen ramin. Sannan aka ja igiya aka manna su a layi. Kauri da kauri ne, walda tana kamawa sosai. Mai waldanmu na farko shi muka sake ba aikin, kuma mun san wannan ma an yi magana a kai. Dalilinmu shi ne aikinsa na tiros ya nuna yana da hannu, kuma da kansa ya zo ya ce, "Alhaji, ni na kawo shawarar nan, ku bar ni in yi wannan a rabin kuɗi." An yi masa sharaɗi: sabon kwalin sanduna da ba a buɗe ba, babban janareta, kuma kowace walda sai an kankare ɓawonta an duba kafin fenti ya taɓa ta. Guda shida Injiniya ya ƙi, aka goge su da giranda aka sake.

Notin milimita 12 ne, ramin kuma 14, don a samu ɗan wurin daidaitawa. Biyu a kowane kunne, ƙarin huɗu a kowace mahaɗa, ya kama 308, muka sayi 330 saboda masu faɗuwa da masu lalacewa. Nan ma sai da aka koma kasuwa sau biyu. Na farkon da aka kawo baƙaƙe ne, kansu ba rubutu. Injiniya ya ce a duba kan noti, a nemi mai lamba 8.8 a jiki kuma mai ruwan zinki, don baƙin noti a jikin ƙarfe mai zinki shi zai fara tsatsa ya zubo da jan hawaye. An mayar an canza, an cika naira 40,000. Kowane noti da washa a ɓangarorin biyu. Wanda aka ɗaure aka duba, sai a ɗiga masa farin fenti a kai, yadda daga ƙasa ma za ka iya ƙirgawa. Masu tsoron kwancewa, mun ji ku: bayan guguwa biyu ko uku na farkon damina mai zuwa za a sake hawa a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma an ware kuɗin wannan.

Sai fenti, wanda ya ci naira 310,000, aka ce ko zinariya aka shafa. Tiros ɗin sun sha damina guda cur a buɗe, kuma jan fentin da aka shafa musu da farko galan ɗaya da rabi ne kacal, an tsinka shi da fetur har ya zama kamar ruwan zoɓo, an shafa shi a kan ƙura da maiƙo da ɓawon walda. Da damina ta wuce, tafin hannu kawai za ka goga ya biyo ka. Abin da ba mu sani ba a da shi ne jan fentin nan share fage ne kawai. Aikinsa ya kama jikin ƙarfe ya ba na sama wurin zama. Shi kaɗai ba ya tare ruwa na dogon lokaci, rana tana mayar da shi gari. Kuma ba ya kama tsatsa mai ɓarewa, sai dai ya rufe ta ta ci gaba da ci a ƙasa.

Saboda haka mafi yawan kuɗin ba a gwangwani suka tafi ba, a gurza suka tafi. Mutum huɗu sun yi kwana tara da buroshin waya da giranda suna kankare tiros bakwai har sai ƙarfe ya fito, a goge da tina a cire maiƙo, a shafa fenti a ranar, don ƙarfen da aka kankare idan ya kwana raɓa ta sauka a kansa, da safe ya sake yin ja. An shafa jan fenti sau biyu, galan biyar, kwana guda tsakani, sannan fentin mai ruwan toka sau biyu a kai. An zaɓi launi daban da gangan, don duk inda buroshi ya tsallake ja zai leƙo ya tona asiri. Mun yi aikin a watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, da hantsi da kuma bayan la'asar, saboda da tsakar rana ƙarfe yana zafin da fenti ke bushewa kafin ya kama. Kwana biyu aka dakata da ƙurar hunturu ta taso. Wuri ɗaya ne ya gagare mu, tsakanin angil biyu da aka haɗa baya da baya a jikin tiros, inda buroshi ba ya shiga. An tsiyaya fenti a ciki gwargwadon iko. Da mun sani, da tun kafin a haɗa su aka shafe su, kuma muna faɗa ne don wanda zai yi irin wannan aikin nan gaba. Su ƙarafan Z ba a yi musu fenti ba, sai bakin yanka da gefen ramuka da aka taɓa da fenti mai zinki, ƙaramin gwangwani biyu.

Gaba ɗaya aikin na biyu, daga ƙarfe da noti da kunnuwa har fenti da dako da ladan ma'aikata, ya tashi naira 3,560,000, wanda 2,640,000 daga ciki kuɗin ƙarfen Z ne. An nemi farashi a wuri uku kafin a saya, takardun ukun suna hannun ma'aji tare da rasit na kowane abu. Duk mai son gani ya same shi a ofishin makaranta ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar, ba sai ya ba da dalili ba. Ba ɗan kwamitin da ya karɓi ko kuɗin mota, kuma ba wanda yake da dangantaka da inda aka sayi ƙarfen. Mun so a ce masu cewa an ci kuɗi sun zo ranar da ake ɗaukar ƙarfe a kafaɗa, amma komai ya wuce.

Godiyarmu ta farko ga Alhajinmu, wanda ya hana mu ambatar sunansa, ko da yake unguwa ta san shi. Ranar da muka je masa da labarin asara, kanmu a ƙasa, bai tambaye mu ko wa ya jawo ba. Cewa ya yi, "Nawa ne na gaskiyar?" Washegari ya turo rabin kuɗin ƙarfen. Allah ya gina masa gida a Aljanna, ya jiƙan mahaifansa, ya shirya masa zuri'a. Haka Hajiyarmu da ta sayar da ragunanta biyu ta ce a sayi fenti, da ƙungiyar matan unguwa da suka juyo da adashinsu na wata biyu, suka kuma ciyar da ma'aikata tun daga ranar farko har ta ƙarshe ba fashi. Injiniya ya yi zuwa biyar daga Kaduna da man motarsa, ko ruwan sha bai yarda an saya masa ba, Allah ya yi masa albarka ya ƙara wa mahaifiyarsa lafiya. 'Yan'uwanmu mazauna Legas da Abuja da suka yi karo-karo suka sayi kwano, da mai unguwa da ya tsaya a maganar mai shago, da matasan da kafaɗunsu suka kwana suna ciwo, da mai hatsin da ya ara mana sikeli, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Zauren yana da rufi amma ba silin, kuma duk wanda ya shiga da azahar ya san abin da yaran ke sha, tun yanzu ma da bazara ba ta kankama ba. Malaman ajin rana sun fara fitar da ƙananan gindin bishiya. Silin ɗin za a yi shi ne da ƙofar leƙawa a wuri biyu, don a riƙa hawa ana duba noti da tsatsa, kuma ba za a rufe shi ba sai an yi ɗaurin bayan guguwa da muka ambata, amma kayan suna buƙatar a saye su tun yanzu kafin farashi ya sake tashi. Abin da ya fi gaggawa shi ne tagogi takwas da ƙofofi biyu. A halin yanzu ramuka ne a buɗe, kuma Injiniya ya ja mana kunne cewa zaure mai rufi da tagogi a buɗe shi ne abin da guguwa ta fi so, don ta nan take shiga ta tura kwano daga ciki. Muna so a rufe su kafin ƙarshen watan Afrilu. Akwai kuma indararo, don ruwan rufi mai faɗin nan idan ya zubo gindin bango zai ci tushe, ya kuma malale gidan maƙwabcinmu na gabas, wanda ya yi haƙuri da mu shekara biyu.

Taga ɗaya da gilashinta da ladan sawa naira 85,000 ce. Gida ɗaya zai iya ɗaukar guda, ko gida biyu su haɗu. Mai buhun siminti ya kawo, mai dubu ɗaya ya kawo, mai sana'ar hannu ya zo ya ba da yini guda. Ma'aji yana zama a ƙofar zauren kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da littafin rasit a hannunsa, kuma a wannan karon duk ƙarfen da za a saya na tagogi sai ya hau sikeli a gaban mutum biyu daga cikin iyayen yara. Muna roƙon iyaye su zaɓo mana mutum biyun a taro mai zuwa.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gini